Yadda ake gano kayan gyaran janareta daidai daga hoton lambar inji

Idan ka shiga wajen masu sayar da kayan janareta a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ka ce a ba ka kafireta, abin da mai shago zai fara tambayarka shi ne, "Wane inji?" Yawancinmu sai mu faɗi sunan da ke rubuce a jikin tanki, Elepaq ko Sumec Firman ko Tiger, mu ɗora da manyan lambobin nan na gefe, 2900 ko 3800. Wannan amsa ba ta kai mai shago ko'ina. Kamfani ɗaya yana iya ɗora injuna iri-iri a ƙarƙashin tanki mai suna ɗaya, haka kuma inji iri ɗaya yana zaune a cikin janaretocin kamfanoni da yawa, fenti kawai ya bambanta su. Abin da ake nema shi ne lambar injin kansa, kuma hoto mai kyau na wannan lamba yana hana mutum kinkimar janareta a Keke Napep daga Samaru ko Wusasa zuwa kasuwa, ko aika kuɗi Kano a dawo masa da abin da ba zai shiga ba.

Sai dai hoton yana da iyakarsa. Zai gaya maka dangin injin, ya rage maka zaɓi daga ashirin zuwa biyu ko uku. Tsohon kayan da aka kwance shi ne yake yanke hukunci na ƙarshe. A kan haka za mu bi matakan.

Mataki na farko: wane ɓangare ne ya lalace?

Janareta na'ura biyu ce aka haɗa a kan firam ɗaya. Akwai inji mai shan fetur, wanda aikinsa juyawa kawai, akwai kuma ɓangaren kwayil da ke mayar da juyawar ta zama wuta. Lambar inji tana magana ne a kan na farkon: fulogi, kafireta, fistan da ringi, bawul, gasket, igiyar ja, karanshaf. Ba ta san komai game da na biyun ba.

Saboda haka kafin ka ɗauki waya, saurari janaretan. Idan ya ƙi tashi, ko yana tari, ko yana hayaƙi, ko ƙararsa tana hawa tana sauka, matsalar ta inji ce. Idan kuwa ya tashi lafiya, yana ruri yadda ya saba amma ƙwan lantarki bai kama ba, to matsalar ta ɓangaren wuta ce, hoton lambar inji ba zai amfane ka ba, wani hoton daban za ka ɗauka, kuma za mu zo kansa. Akwai wanda yake tashi ya mutu bayan ɗan lokaci kaɗan. Wannan, duba baƙin mai kafin ka sayi komai, domin yawancin injunan nan suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa ko an ajiye su a karkace.

Mataki na biyu: nemo lambar gaskiya

A jikin janareta rubutu uku za ka gani. Na tanki ado ne da talla. Na biyu sitika ce ko ɗan farantin ƙarfe a jikin firam ko murfin kwayil, mai ɗauke da `RATED POWER`, `MAX POWER`, `220V` ko `230V`, da `50Hz`. Wannan tana da amfani, ka ɗauke ta. Akwai kuma sitikar da ke manne a murfin igiyar ja, mai cewa `6.5HP` ko `7.0HP`. Kada ka dogara da ita. Murfin igiya shi ne abin da aka fi canzawa a janareta, sabon murfin kuma yana zuwa da tasa sitikar, ko ta dace da injin ko ba ta dace ba.

Lambar da muke nema ba manna ta aka yi ba, buga ta aka yi a jikin ƙarfen bulok ɗin inji. Ka durƙusa ka duba ƙasa-ƙasa, a gefen bulok, kusa da inda ake zuba baƙin mai ko kusa da notin da ake juye shi. Za ka ga wani ɗan wuri da aka goge ya yi sumul, tsawonsa kamar ɗan yatsa. A janareta mai tashi da makulli, sau da yawa sitata ce ke rufe wurin, sai ka leƙa ta ƙarƙashinta. Layi biyu ne galibi: na farko samfurin inji, na biyu doguwar lamba ta wannan injin shi kaɗai.

Kashe injin, ka bari salansa ta huce, ka rufe famfon fetur. Wurin nan kusan kullum yana lulluɓe da baƙin mai da ya cakuɗe da ƙura, musamman bayan hunturu, sai ka sa tsumma da ɗan kananzir ka goge. Kada ka kankare da sukudireba ko ka sa samfefa mai kaushi. Bulok ɗin alminiyam ne, bugun lambar kuma ba shi da zurfi, wani ma ɗigo-ɗigo ne kawai, goga biyu ta isa ta tafi da shi.

Mataki na uku: ɗaukar hoton

A nan aka fi yin sakaci, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai.

Lambar da aka buga a ƙarfe ba ta da launi, inuwar da ke cikin ramin rubutun ita ce ke fito da ita. Idan ka kunna filashin waya, hasken zai faɗa mata kai tsaye, inuwar ta ɓace, ƙarfen ya yi ƙyalli, sai ka tura wa mai shago farin fili. Kashe filashi. Ka sa wani ya riƙe maka tocila daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen, yana matsawa da ita a hankali har ka ga lambobin sun fito ɓaro-ɓaro a fuskar waya. Idan sun dushe, goga alli a kai sannan ka share da yatsa: allin zai zauna a cikin ramin, rubutun ya fito fari tas.

Kada ka manna wayar a jikin inji, yawancin wayoyi ba sa gani da kyau idan an matsa sosai. Ja baya kamar taƙi ɗaya, ka taɓa wurin lambar a fuskar waya don ta daidaita, sannan ka ɗauka. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi da yatsu. Idan kai da kake wurin ba ka iya karantawa ba tare da zato ba, wanda ke shago ma ba zai iya ba.

Bayan wannan, ɗauki hoton farantin firam, da na janaretan gaba ɗayansa daga gefen igiya, da na abin da ya lalace tun yana ɗaure a mazauninsa, wayoyi da sifirin duk suna inda suke. Wannan na ƙarshen zai yi maka rana lokacin mayarwa. Wajen turawa ta WhatsApp, ka zaɓi `Document` maimakon tura shi a matsayin hoto, don kada a matse shi ƙananan lambobin su cuɗe. Kuma ka rubuta lambar da hannunka a ƙarƙashin hoton. Idan abin da ka rubuta ya saɓa da abin da mai shago ya gani, gara a gane tun a waya.

Mataki na huɗu: karanta lambar

Mafi yawan janaretocin fetur da ke gidajenmu da shagunanmu injunansu ƙirar China ne da aka kwaikwayo daga injunan Honda na jerin GX. Lambarsu tana da tsari mai sauƙi. Ɗauki `168F`. Ɗayan farko yana nufin silinda ɗaya. Lambobi biyun da ke biye, 68, su ne faɗin ramin silinda da milimita. Harafin `F` yana nufin iska ce ke sanyaya injin, ba ruwa ba. Da ka riƙe wannan, ka iya karanta sauran: `170F` faɗin silindarsa milimita 70, `177F` milimita 77, `188F` milimita 88, `190F` milimita 90.

Dangi biyu ne suka cika gari. Ƙaramin dangi shi ne 168F da 170F, waɗanda suka fito daga GX160 da GX200. Su ne a cikin janaretocin masu aski da teloli da masu cajin waya, masu ba da wuta tsakanin kilowat biyu zuwa uku, kuma baƙin man da suke ci bai kai lita ɗaya ba, wajen 0.6 ne. Babban dangi shi ne 188F da 190F, daga GX390, masu kilowat biyar zuwa shida da ɗoriya, waɗanda ke cin baƙin mai lita 1.1. Akwai kuma ƙaramin nan mai hayaƙi da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, irin Tiger TG950. Lambar injinsa `1E45F`, faɗin silinda milimita 45, harafin `E` kuma yana nuna mai bugu biyu ne. Shi danginsa daban, daga Yamaha aka kwaikwayo shi, kayansa ba sa shiga na sauran.

Yanzu ga inda hoto mara kyau ke jefa mutum a asara. Tsakanin `168F` da `188F` lamba ɗaya ce tak, shida da takwas, kuma idan bugun ya dushe kamarsu ɗaya. Haka `170F` da `177F`. Maganin wannan shi ne farantin firam da ka ɗauka. Idan ya ce `RATED POWER 2.5kW`, to ba 188F ba ne, ko me idonka ya gani. Idan janaretan sai mutum biyu ƙarfafa sun ɗaga shi kuma farantin ya ce `5.0kW`, ba 168F ba ne. Hotunan biyu su ne shaidun juna.

Abin da ke biye da `F` kuwa sai da taka-tsantsan. Za ka ga `168F-1`, `168F-2`, `168FA`, `168FB`, `168FD`. Kowane kamfani da yadda yake amfani da waɗannan, don haka ba a gina ciniki a kansu su kaɗai. Abin da ya kamata ka sani shi ne 168F iri biyu ne. Faɗin silindarsu ɗaya, amma a ɗaya fistan yana tafiyar milimita 45 sama da ƙasa, injin ya zama 163cc kamar GX160, a ɗayan kuma yana tafiyar milimita 54, ya zama 196cc kamar GX200. Fulogi da igiyar ja da kwayil ɗin fulogi galibi ɗaya ne a tsakaninsu. Karanshaf kuwa ba ɗaya ba ne. Idan ka ga `163cc` ko `196cc` a wani wuri a jikin injin, haɗa da shi a hoton.

Idan injinka Honda ne na ainihi, lambarsa ba ta bin wannan tsari. Za ka ga haruffa huɗu ko biyar, ɗan layi, sannan lambobi, da wata gajeriyar lamba da ke nuna irin sandar da ke fitowa daga injin. A nan doguwar lambar tana da muhimmanci, domin da ita ake tantance zubin da injin ya fito a ciki, sai ka tura ta cikakkiya. Jan murfi da sitikar `GX160` ba su mai da inji Honda, kama da wane ba ta wane.

Misali: janaretan wani tela a Tudun Wada

Janaretan shagon ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa duk mako, fulogi yana jiƙewa da mai ya yi baƙi. Da an kunna dutsen guga sai ya durƙushe. Makaniki ya ja igiya ya ji ba ta da nauyi kamar da, ya ce ringi ne. Dalilin bai ɓuya ba: da aka buɗe akwatin iska, soson da ke tace ƙura ya rududduge, injin ya shafe hunturu yana shaƙar ƙurar titi, ita kuma ƙura da ta haɗu da mai sai ta riƙa cin ringi da jikin silinda.

A tanki an rubuta 3800. Sitikar murfin igiya ta ce `6.5HP`. Wanda ya tsaya a nan zai ce 168F ne, ya sayo ringin milimita 68. Amma da aka goge bulok aka haska daga gefe, `170F` ne ya fito, farantin firam kuma ya ce `RATED POWER 2.8kW`, wanda ya dace da 170F. Murfin igiyar an taɓa canza shi ne a baya.

Milimita biyu kamar ba komai ba, amma ga abin da suke yi. Ringi zobe ne mai tsaga. Idan aka sa shi cikin silindar da ta dace da shi, bakunansa biyu suna matsowa har tazarar da ke tsakaninsu ta rage kamar milimita 0.2 zuwa 0.4, wato ƙasa da rabin milimita. Idan ka sa ringin 68 a silindar 70, kewayen ramin ya fi nasa da ninki uku da ɗan ɗori na milimita biyun nan, sai tsagar ta buɗe fiye da milimita shida. Injin zai haɗu, wataƙila ma ya tashi, amma hayaƙin zai fi na da. Idan aka juya, ringin 70 a silindar 68, bakunan za su hau juna, ba zai shiga ba, mai tilasta shi kuma zai karya shi.

Da telan ya tura hotunan, mai shago ya bugo waya. "Malam, na ga 170 ne. Amma ringin naka mai kauri ne ko siriri?" Wannan ita ce tambayar da hoton lamba ba ya amsawa. A faɗi ɗaya akwai fistan mai faffaɗan gurbi da mai siririn gurbi, ringinsu kuma ba ya musanya. Siriri a faffaɗan gurbi zai riƙa kaɗawa yana tura mai sama, mai kauri kuma ba zai zauna a siririn gurbi ba. Telan ya ce, "Alhaji, wannan kam sai na tambayi makaniki." Mai shagon ya ce kada ya wahalar da kansa, a sa fistan ɗin da tsofaffin ringin a leda a aiko yaro da su.

Haka aka yi. A shago aka goge kan fistan, aka ga ba a buga masa `0.25` ko `0.50` ba, alamar da ake sa wa fistan da ya fi na asali girma don silindar da aka taɓa faɗaɗawa. Aka sa sabon ringi a gurbinsa aka mirgina shi, ya zagaye ba tare da ya cije ko ya yi lilo ba. Aka haɗa da gasket ɗin kai na 170F, domin shi ma ramin tsakiyarsa yana bin faɗin silinda, da gasket ɗin murfin bulok, da sabon soson iska. Wanda ya canza ringi ya bar ruɓaɓɓen soso, hunturu mai zuwa zai sake biyan kuɗin aiki.

Kafin a haɗa, makanikin ya tura ringin sama shi kaɗai cikin silinda, ya daidaita shi da kan fistan, ya auna tsagar. Ta fito daidai. Da ta wuce milimita ɗaya da sabon ringi, to silindar ce ta cinye, sai maganar faɗaɗawa ko sabon bulok. Wannan awon na minti biyu shi ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda za a sake kwancewa.

Kayan da lamba ke kai ka bakin ƙofa kawai

Fulogi ba shi da wahala. Dangin 168F har zuwa 190F galibi `F6TC` ko `F7TC` suke sha, ko `BP6ES` na NGK, da tazarar baki milimita 0.7 zuwa 0.8. Lambar tana rubuce a jikin tsohon, karanta ka saya. Ƙaramin mai hayaƙi nasa daban ne, shi ma karanta na jikinsa.

Kafireta ita ce mai rikici. Injin 168F ɗin da ke janareta shi ne kuma a injin ban-ruwa na 'yan fadama da injin markaɗe, amma kafiretarsu ba ɗaya ba ce. Ta injin ban-ruwa da ta markaɗe tana da famfon fetur a jikinta, domin tankinsu a kan injin yake. Ta janareta ba ta da shi, famfonta yana ƙarƙashin tanki, hannun cok ɗinta ma wani iri ne. Dukkansu za a ce maka "ta 168 ce", kuma ba ƙarya aka yi ba. A manyan janaretoci kuma akwai mai waya a ƙarƙashin kofinta, wadda ke yanke fetur idan an kashe makulli, akwai mara waya. Don haka ɗauki hotonta ta gefe uku: gefen da bututun fetur ke shiga, saman da hannun cok yake, da ƙasan kofi. Ɗora ruler a kan ramukan noti biyun ka ɗauka. A ƙaramin dangi tazararsu ta ɗan wuce santimita huɗu, a babban ta ɗan wuce biyar. Da yawa kuma suna da lamba a jikinsu, kamar `P19` ko `P27`. Ni dai ra'ayina, kafiretar da ba ta tsage ba kuma notinta bai ci zare ba, a wanke ta tukuna. Injin da ƙararsa ke hawa da sauka galibi ƙaramin jet ne ya toshe da dauɗar fetur, kuma tsohuwar da ta zo da injin sau da yawa ta fi sabuwar mai araha.

Murfin igiyar ja ya danganta da 'yan haƙoran da ke fitowa su kama kofin da ke jikin fanka. Akwai na roba, akwai na ƙarfe mai faɗi, akwai na ƙarfe mulmulalle, kowanne da kofinsa. Kifa tsohon ka ɗauki hoton cikinsa. Idan ba a samu irinsa ba, a sayi murfi da kofi tare.

Karanshaf kuwa kada ka yarda a aiko maka da shi a kan lamba kawai. Na janareta bakinsa a fiƙe yake, yana siranta zuwa ƙarshe don ya shige cikin amecha, wato abin da ke juyawa a cikin kwayil. Na injin markaɗe miƙaƙƙe ne mai gurbin ki don ɗaura fuli, na ban-ruwa kuma yawanci mai zare ne. Ko a cikin masu fiƙaƙƙen bakin ma tsawo yana bambanta. Wannan sai an jera tsoho da sabo a kan tebur.

Idan ka goge bulok ka tarar babu lamba sam, wataƙila an taɓa canza shi, domin bulok ɗin da ake sayarwa daban sau da yawa ba a buga masa komai. Sai makaniki ya cire kan silinda ya auna faɗin ramin. Abin da awon ya bayar, 68 ko 70 ko 88, shi ne lambarka.

Idan matsalar ta wuta ce

Kwance murfin da ke bayan kwayil, noti biyu ne ko uku, injin a kashe. Abu biyu za ka iya tararwa. Ko dai burushi guda biyu a ɗan mazaunin roba tare da `AVR` mai daidaita ƙarfin wuta, wata baƙar aba mai siffar rabin wata ko mai kusurwa huɗu da wayoyi ke fitowa daga jikinta, ko kuma ba burushi sam, sai kafasita. Ƙaramin mai hayaƙi kafasita yake da ita.

Ɗauki hoto kafin ka zare waya ko ɗaya, musamman biyun da ke zuwa burushi, domin ɗaya `+` ce ɗaya `-`, kuma ba a juya su. Fara duba burushin: shi ne mai araha, kuma idan ya cinye ko ya karye wuta ba za ta fito ba ko da AVR lafiyarsa ƙalau. Idan AVR ɗin ne, abin da mai shago ke buƙata shi ne siffarsa, yawan wayoyinsa, kamannin soket ɗinsa, tazarar ramukan notinsa, da rubutun da ke jikin kafasitar da ta leƙo daga cikinsa. A masu kilowat biyu zuwa uku an fi ganin `220uF`, a masu biyar zuwa sama `470uF`. Ga janareta mai kafasita zalla, lambar da ke gaban `uF` dole ta zama daidai da ta tsohuwar, domin ita ke ƙayyade ƙarfin wutar. Lambar da ke gaban `V` za ta iya fin ta tsohuwar, amma kada ta gaza.

Bayan an ɗaura, kada a fara gwaji da talabijin ko firji. A sa mita a soket a ga wuta tsakanin 220 da 230, sannan a gwada da ƙwai ko dutsen guga.

Mataki na ƙarshe: saƙo da ciniki

Saƙon da mai shago zai ji daɗinsa gajere ne. Sallama, sannan: lambar bulok kaza, farantin firam ya ce kilowat kaza, mai igiya ne ko mai makulli, abin da yake yi kaza, abin da nake nema kaza, ga hotuna. Faɗin abin da injin ke yi yana da amfani, domin masu shagon nan sun ga irinsa ba adadi, wani lokaci su ce maka ba abin da ka zo nema ne ya lalace ba.

Ka roƙe shi ya turo maka hoton kayan da zai ba ka a waje da kwalinsa, ta gefen da ka ɗauki naka. Rubutun kwali ba abin dogaro ba ne, kwali ɗaya yakan jera 168F da 170F da GX160 da GX200 gaba ɗaya, alhali ka riga ka ga inda suka rabu. Idan daga Kano ko Kaduna za a ba direba ya sauke maka a Kwangila, wannan hoton shi ne kaɗai dubawar da za ka samu kafin kuɗinka ya fita.

Idan a cikin gari ne, tafi da tsohon a leda ko da hoton ya fito tas, ka jera su ka duba ramukan noti da bakin bututu da soket. Ku yi magana a kan canji tun kafin ka biya. Kayan ƙarfe irin kafireta da murfin igiya ana karɓarsu idan ba a ɓata su ba, don haka a fara gwada su a bushe, ba fetur ba gam, a ga sun zauna. Kayan wuta irin AVR da kwayil kuwa yawancin masu shago ba sa karɓa da zarar an jona, saboda ba su da hanyar sanin ko kwayil ɗin janaretanka ne ya ƙone shi. Shi ya sa idan tsohon AVR ɗin ya kumbura ko yana warin ƙuna, a sa mai gyara ya auna kwayil da amecha da mita kafin a jona sabon.